Ragin sari da ragin kuɗi hannu: Lissafin da ke bayan cinikin taki a Batsari da Safana

Tsakanin watan Afrilu da farkon Yuni, kafin ruwa ya zauna a yammacin Jihar Katsina, manomin Batsari ko Safana mai buƙatar buhu biyar na takin zamani yana da hanya biyu a gabansa. Ta farko ita ce ya jira ranar kasuwa ya saya ɗaya bayan ɗaya a hannun mai shago, a kan farashin da ya tarar. Ta biyu ita ce ya haɗa kuɗinsa da na maƙwabtansa, su tura wakilai wurin babban dila a birnin Katsina, su nemi ragi bisa hujja biyu: kayan da za su ɗauka suna da yawa, kuma kuɗinsu a hannu yake.

Hanya ta biyu ita ce aka fi yi wa manoma wa'azi a kanta, kuma a takarda ta fi riba. Sai dai dila ba kyauta yake yi ba idan ya sauke farashi. Wani nauyi ne yake saukewa daga kansa, ya ɗora wa mai saye, sannan ya biya shi ladan ɗauka. A yankin da ke maƙwabtaka da dajin Rugu, inda mota ɗauke da kaya kan iya kasa isa inda ta nufa, wannan nauyi ya fi na sauran wurare. Don haka tambayar da ta kamata ba ita ce nawa aka rage ba. Tambayar ita ce nawa buhu ya tsaya bayan ya isa gona, kuma wa zai ɗauki asara idan bai isa ba.

Abin da dila yake samu idan an sari kaya da yawa

Buhun taki kilo 50 ne, tirela ɗaya kuma takan ɗauki tan 30, wato buhu 600. Babban dila da tirela yake lissafi, ba da buhu ba. Yuriyar da yake sayarwa takan fito ne daga manyan masana'antun kudu, irin su na Ɗangote da ke Lekki a Legas, wanda aka ƙaddamar a watan Maris na 2022, da na Indorama da ke Eleme a Jihar Ribas. Kamfa kuwa, wato NPK, yawanci daga masana'antun haɗa taki yake zuwa. A mafi yawan lokuta sai dila ya biya kafin a yi masa lodi. Daga ranar da ya biya zuwa ranar da ya sayar da buhu na ƙarshe, jarinsa a ɗaure yake.

Wanda ya zo ya ɗauki buhu 200 a tashi ɗaya ya kwashe masa kashi ɗaya cikin uku na tirela. Ya rage masa kwanakin da kaya za su yi a sito, ya rage masa kuɗin gadi da ɓarnar buhunan da ke yagewa wurin ɗagawa da saukewa, ya kuma ba shi damar sake yin odar wata motar tun farashi bai motsa ba. Ciniki ɗaya ya maye gurbin ciniki arba'in. Wannan sauƙin da ya samu shi ne tushen ragin sari, kuma shi ne iyakarsa. Taki kaya ne da ribarsa a kan kowane buhu ba ta da kauri, domin kowa ya san farashinsa a kasuwa. Dilan da ke cin naira 2,000 a buhu ba zai iya rage naira 3,000 ba, sai fa idan akwai abin da ya ɓoye game da kayan.

Ƙasa ma da wannan dabarar take ciniki. A watan Disambar 2016 Nijeriya ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin OCP na Maroko domin samun sinadarin haɗa taki a kan farashi mai rangwame, a ƙarƙashin shirin takin zamani na shugaban ƙasa, wanda a shekarunsa na farko ya tsayar da buhun NPK 20:10:10 a kan naira 5,500. Abin da ya ba Nijeriya bakin magana a wancan teburi shi ne yawan abin da za ta saya da kuma alƙawarin ci gaba da saye. Manoman ƙauye arba'in ba su da wannan ƙarfi, amma ginshiƙin cinikin ɗaya ne.

Farashin kwana talatin

Hujja ta biyu, wato biya nan take, ta fi ta farko ƙarfi a 'yan shekarun nan, kuma dalilin yana Abuja. A farkon 2022 ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Bankin Nijeriya yana kan kashi 11.5 cikin 100. Zuwa watan Nuwamban 2024 ya kai kashi 27.5. Bankunan kasuwanci kuma sama da wannan ma'auni suke bayar da rance. Tsakanin waɗannan shekaru an cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin da ya biyo baya, farashin kaya da na dakonsu suka tashi tare. Ma'anar wannan ga ɗan kasuwa ita ce kuɗin da ke hannun wani yana narkewa kowace rana.

Yawancin ƙananan masu shago ba sa biyan dila nan take. Sukan ɗauki kaya, su sayar a kasuwa biyu ko huɗu, sannan su kawo kuɗi. Farashin da dila yake faɗa musu ya riga ya ƙunshi ladan wannan jira. Idan aka ƙaddara cewa dila yana juya kuɗin da ya ranto a kan kashi 30 cikin 100 a shekara, to kowane wata yana cin masa kashi biyu da rabi. A kan buhun naira 37,000, jiran kwana 30 ya kama naira 925. Ko da dilan bai taɓa shiga banki neman rance ba, lissafin bai canza ba, domin kuɗin da aka riƙe masa kuɗi ne da zai iya saro wasu kayan da su. A kan wannan akwai fargabar da ba ta shiga lissafin banki: mai shagon da ya ɗauki kaya bashi zai iya wayar gari an kona shagonsa, ko an tashi garinsu, ko kuɗin kayan sun tafi wurin fansar wani ɗan'uwansa. Dilan da ke bai wa mutanen yankin iyaka bashi yana sane da haka, kuma yana saka shi cikin farashi.

Saboda haka mai kuɗi hannu ya san abin da zai nema. Ba roƙon alfarma ya zo yi ba. Ya zo ne da abin da ya kai kusan naira 900 a kowane buhu a wurin dila, kuma cinikin shi ne yadda za su raba wannan kuɗi tsakaninsu. A manyan kasuwannin duniya an daɗe da mayar da wannan ƙa'ida rubutacciya. Akan ga an rubuta 2/10 net 30 a kan takardar neman biya, ma'ana wanda ya biya cikin kwana 10 za a rage masa kashi 2 cikin 100, wanda bai biya ba kuma yana da kwana 30 ya kawo kuɗi cikakku. Kashi biyu ƙaramin abu ne a ido, amma ladan gaggauta biya ne da kwana 20 kacal, wanda idan aka auna shi a shekara ya kai kusan kashi 37 cikin 100.

Misali: buhu 200 daga Katsina zuwa ƙauye

Alƙaluman da ke tafe misali ne domin a ga yadda lissafin yake tafiya, tunda farashin taki yana sauyawa daga mako zuwa mako. A ɗauka manoma 40 ne a wani ƙauye na Ƙaramar Hukumar Safana, kowa yana son buhu biyar, jimla buhu 200, wato tan 10. A kasuwar da ke kusa da su buhu naira 40,000 ne. A shagon dila a Katsina, mai sayen 'yan buhuna kaɗan yana biyan naira 38,000.

Wakilan ƙungiyar ba su fara da maganar kuɗi hannu ba. Sun fara zagaya diloli uku, suka tambayi kowanne farashin buhu 200 na taki iri ɗaya, na kamfani ɗaya. Bayan tayi da albarka, mafi sauƙin cikinsu ya sallama a kan naira 37,000. Sai da wannan farashi ya zauna sannan suka buɗe magana ta biyu: idan aka biya duka yau, kafin mota ta tashi, nawa zai sauko? Sun nemi naira 900, aka daidaita a kan 700. Buhu ya koma naira 36,300, kuɗin kaya gaba ɗaya naira 7,260,000.

Wannan jeri yana da dalili. Wanda ya shiga shago ya zube hujjojinsa biyu a lokaci guda, ragi ɗaya zai samu, domin dila zai dunƙule su ya ba shi farashi guda. Wanda ya raba su yana sa a yi wa kowace hujja kuɗinta daban. Haka kuma farashin dila na biyu da na uku da ke rubuce a aljihun wakili shi ne abin da ke hana na farko yin taurin kai, tunda ya san akwai inda za a koma.

A nan ne wakilai sukan buga waya gida da albishir cewa an samu ragin naira 3,700 a kowane buhu. Amma kayan suna Katsina tukuna. Hayar mota zuwa ƙauye, a ce naira 200,000, ta ɗora naira 1,000 a kan kowane buhu. 'Yan dako a wurin lodi da wurin saukewa sun ci naira 200. Hayar ɗakin ajiya da ladan mai gadi kafin a gama rabo sun kai naira 300. Kuɗin motar wakilai da cajin tura kuɗi sun ci naira 100. Buhu biyu da suka yage ko suka jiƙe a hanya, idan aka raba asararsu a kan kowa, sun kama kusan naira 400. Jimlar waɗannan naira 2,000 ce.

Ke nan buhu ya iso ƙauye a kan naira 38,300. Ragin gaskiya naira 1,700 ne, ba 3,700 ba. Kowane manomi ya tsira da naira 8,500 a kan buhunansa biyar, ƙungiya baki ɗaya ta tsira da naira 340,000. Riba ce, amma kashi huɗu da ɗan ɗoriya ce cikin 100, kuma siririyar riba irin wannan abu kaɗan ne yake cinye ta.

Abubuwa uku da ke cinye ragin

Na farko shi ne inda kuɗin suka fito. Ragin naira 700 a kan buhun naira 36,300 bai cika kashi biyu cikin 100 ba a wata. Manomin da ya ciro kuɗinsa daga ajiya ya ci riba. Wanda kuwa ya ranto su a kan kashi biyar cikin 100 a wata zai biya naira 1,815 a kowane buhu cikin wata guda domin ya samu ragin naira 700. Haka ma wanda ya karyar da akuyarsa ko buhun geronsa a ranar da kasuwa ba ta yi ba, don kawai ya cika wa'adin tara kuɗi. Biya nan take yana da amfani ne kawai ga wanda kuɗinsa ya fi na dila araha.

Na biyu shi ne nauyi da ingancin kaya. Buhun da aka rubuta kilo 50 a jikinsa amma ya auna kilo 48 ya yi gibin kashi huɗu cikin 100, wato kusan naira 1,450 a farashin misalin nan. Wannan kaɗai ya kusa share ragin naira 1,700. Mai sayen buhu ɗaya yakan ɗaga ya jijjiga ya duba ɗinki, amma mai sayen 200 yakan tsaya a gefe yana ƙirga abin da ake jefawa mota. Maganin abin shi ne a zaɓi buhu goma daga wurare daban-daban na tarin, ba waɗanda yaran shago suka miƙo ba, a ɗora su a sikeli kafin a biya. A duba ko an sake ɗinke bakin buhu. Yuriyar da ta sha danshi takan dunƙule ta yi tauri, kuma yuriya mai kyau takan narke sarai a ruwa ba tare da barin yashi a ƙasan kofi ba. Wannan gwaji bai dace da kamfa ba, domin akan haɗa shi da abin cike irin su farar ƙasa, wadda ba ta narkewa duka ko da takin na gaskiya ne. A wurin kamfa abin dogaro shi ne sunan masana'anta da bayanan da ke jikin buhu, da kuma shaidar cewa dilan yana da izinin sayar da taki, kamar yadda dokar kula da ingancin taki ta ƙasa ta 2019 ta tanada. Ragin da ya zarce abin da sauran diloli biyu suka iya yi da nisa ba abin murna ba ne, alama ce ta a sake duba kayan.

Na uku shi ne 'yan ƙungiyar kansu. Idan aka gama ciniki a kan buhu 200 sannan mutum goma suka kasa kawo kuɗinsu, oda ta koma 150. Dila yana da hujjar janye ragin sari, hayar mota kuma ba ta ragu ba, sai dai ta hau daga naira 1,000 zuwa sama da 1,300 a kowane buhu. Shi ya sa ake tara kuɗi kafin a je ciniki, ba bayansa ba. Wakilin da ya yi tayi da kuɗin da ba su shigo ba, mutuncinsa ya kai kasuwa.

Lissafin da ya keɓanta da bakin daji

Duk abin da ya gabata zai iya faruwa a kowace jiha. Abin da ya bambanta Batsari da Safana shi ne hanya da wurin ajiya. Ƙananan hukumomin biyu suna cikin waɗanda suka fi ɗanɗana hare-haren 'yan bindiga a Jihar Katsina, daga garuruwan Ruma da Wagini zuwa Runka da Zakka. Gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a watan Oktoban 2023, kuma a 2025 an yi zaman sulhu tsakanin al'ummomi da 'yan bindiga a ƙananan hukumomin biyu. Duk da haka, mai ɗora kayan naira miliyan bakwai a mota ɗaya ba zai yi lissafinsa kamar yana kan titin Kano zuwa Zariya ba.

A misalin da ya gabata, ribar tafiya ɗaya naira 340,000 ce, asarar mota ɗaya kuma naira 7,260,000. Idan aka raba, za a ga cewa mota ɗaya da ta salwanta ta cinye ribar tafiya 21. Ke nan idan yiwuwar rasa kayan, a hanya ko a ɗakin ajiya, ta kai ɗaya cikin 21, sarin bai da wata riba a kan saye ɗaya-ɗaya. Naira 40,000 da mai shagon kasuwar ƙauye yake karɓa, wadda ake gani kamar tsawwalawa, ta ƙunshi ladan wannan kasadar da ya ɗauka a madadin manomi. Ranar da manoma suka tsallake shi suka tafi Katsina da kansu, sun karɓi ribarsa, sun kuma karɓi kasadarsa.

Saboda haka a wannan yanki akwai abin da ya fi naira 100 ko 200 na ƙarshe muhimmanci a teburin ciniki, shi ne sharaɗin kai kaya. Hanya ɗaya ita ce a yi ciniki ɗaya, farashi ɗaya, amma a kwashe kayan kashi huɗu, buhu hamsin-hamsin, a ranakun da aka tsayar. Ƙananan motoci sun fi tsada a kan kowane buhu, a ce dako ya tashi daga naira 1,000 zuwa 1,400. Amma buhu 50 ana raba su ga masu su a ranar da suka iso, don haka naira 300 ta ajiya da gadi ta fita daga lissafi. Buhu ya tsaya a kan naira 38,400, ragi ya koma 1,600. Ƙungiya ta sadaukar da naira 100 a kowane buhu, ta mayar da mafi girman asarar da za ta iya yi a rana ɗaya daga sama da miliyan bakwai zuwa naira 1,815,000. Rarraba kaya bai sa hanya ta zama lafiya ba. Abin da ya yi shi ne hana tsautsayi ɗaya ya kwashe daminar ƙauye guda.

Hanya ta biyu ita ce a nemi dila ya faɗi farashinsa idan shi zai kai kayan har garin Batsari ko Safana, asarar hanya a wuyansa. Ko ba a ɗauki wannan zaɓi ba, tambayar tana da amfani. Abin da ya ƙara a kan kuɗin dako na yau da kullum shi ne kimar da shi kansa ya yi wa haɗarin hanyar, kuma direbobinsa sun fi wakilan ƙungiya sanin halin da take ciki. Idan ya ƙi kaiwa ko nawa za a biya shi, wannan ma amsa ce.

Barin kayan da aka biya a siton dila yana da nasa haɗarin. Idan farashi ya tashi a tsakiyar Yuni, wanda ba ya tsoron Allah zai iya sayar da su ga wani, ya riƙa ja wa ƙungiya rai har lokacin zuba taki ya wuce. Masara ba ta jira: kamfa a makonni biyun farko bayan shuka ake so, yuriya kuma bayan kamar mako huɗu zuwa shida. Takin da ya iso a makare, ko kyauta aka ba da shi, ya rasa wani ɓangare na amfaninsa. Don haka rasit kaɗai bai isa ba. Ana buƙatar takarda mai ɗauke da sunan taki da kamfaninsa, adadin buhuna, farashin da ba zai canza ba, ranakun ɗauka, da abin da zai biyo baya idan aka saɓa, da sa hannun shaidu daga shugabannin kasuwa. A ware buhunan gefe guda, a yi musu alama. Inda amana ba ta kai haka ba, sai a ba da kafin alƙalami, a riƙa biyan kowane kashi ranar ɗaukarsa, ko da ragin kuɗi hannu zai ragu.

Ita kanta hanyar biyan tana da tarihi a nan. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Batsari da Safana, aka yi watanni ba a iya tura kuɗi daga can. A farkon 2023 kuma, lokacin ƙarancin takardun naira bayan sauya fasalinsu, kaya ɗaya ya riƙa samun farashi biyu a kasuwanni, na tsaba da na tiransifa. Ɗaukar tsabar miliyoyi a mota kasada ce, tura su kuma ya dogara da sabis da kuma iyakar abin da asusu zai iya fitarwa a rana. Wakilan da suka yi alƙawarin biya yau ya kamata su tabbatar kuɗin suna cikin asusun ƙungiya mai sa hannun mutum fiye da ɗaya, kuma bankin zai bar su su fita a ranar.

Inda fiƙihu ya ja layi

Akwai wata gaɓa da 'yan kasuwar yankin ba sa wasa da ita. Mafi yawan malamai sun halatta kaya ya kasance da farashin kuɗi hannu da farashin ajali wanda ya fi shi, muddin masu ciniki sun tsaya a kan ɗaya kafin su rabu. Abin da wakilan misalin nan suka yi ke nan. Amma idan an riga an ɗauki kaya bashi zuwa wani wa'adi, sannan daga baya aka daidaita cewa a rage bashin domin a biya kafin lokaci, wannan mas'ala ce daban. Mazhabar Malikiyya, wadda aka fi bi a ƙasar Hausa, ta hana shi, kuma hanin yana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukan malamai, ko da yake akwai malaman da suka halatta. A aikace wannan yana nufin maganar ragin biya da wuri a yi ta tun wurin ƙulla ciniki, ba bayan bashi ya hau wuya ba.

Ma'aunin da ya hau kan gwamnati

Gwamnati tana cikin manyan masu sayen taki a Jihar Katsina. A daminar 2025 gwamnatin jihar ta sanar da samar da tan 20,000 domin sayar wa manoma a kan farashi mai rangwame. Tan 20,000 buhu 400,000 ne, daidai da odar ƙungiyar misalin nan sau 2,000. A irin wannan adadi, bambancin naira 1,000 a kan kowane buhu naira miliyan 400 ne.

Gwamnatoci suna da hujjar farko a hannu, wato yawa, amma a Nijeriya an san su da rauni a ta biyu. Ɗan kwangilar da yake zaton zai yi wata shida yana bin kuɗinsa zai saka wannan jira cikin farashi, kamar yadda dila yake yi wa mai shago. A kan kashi biyu da rabi a wata, jiran wata shida ƙarin kashi 15 cikin 100 ne. Dokar sayen kayan gwamnatin tarayya ta 2007 ta amince da wannan gaskiya, inda ta ɗauki duk biyan da ya wuce kwana 60 a matsayin wanda aka jinkirta, mai jawo ƙarin kuɗi. Jihar Katsina ma tana da hukumarta ta kula da sayen kayan gwamnati.

Don haka duk lokacin da wata gwamnati, ta jiha ko ta ƙaramar hukuma, ta sanar da sayen taki, farashin da za a sayar wa manomi rabin labari ne. Sauran rabin yana cikin tambayoyin da wakilan ƙauye suke amsawa a gaban waɗanda suka ba su kuɗi: nawa aka sayi buhu ɗaya, diloli nawa aka tambaya, yaushe aka biya, kuma wa ya ɗauki nauyin kai kaya har mazaɓa. Idan farashin da aka saya wa jama'a buhu dubu ɗaruruwa ya zo daidai da na mai sayen buhu ɗaya a kasuwar Batsari, ko ya fi shi, to ragin sarin bai ɓace ba. Akwai inda ya tsaya a hanya.